Baƙo da Neman Aiki a Birnin Kano: Labari, Lamuni da Yarantaka

Duk wanda ya bar garinsu ya nufi birni neman abin yi, abu biyu yake bukata kafin ya samu. Na farko shi ne labarin inda aikin yake, na biyu kuma mutumin da zai tsaya masa a gaban mai ba da aikin. Yawancin maganganun da ake yi a yau game da rashin aikin yi a tsakanin matasa sun taƙaita ne a kan abu na farko, har ana ganin cewa da zarar an yawaita allunan tallan guraben aiki a intanet, an kuma koya wa matasa rubuta takardar neman aiki, to an gama. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne abu na biyu ya fi na farko nauyi nesa ba kusa ba, kuma da shi ya kamata a auna hanyoyi ukun da baƙo ke bi: allon talla, sanayya da koyon sana'a a hannun maigida. Zan ɗauki Kano a matsayin misali, domin birni ne da ya daɗe yana karɓar baƙi daga ƙasar Hausa da wajenta.

Abin da magabata suka sani game da baƙo

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma tarihin fataucinsu ya nuna cewa ba wasa suke yi da maganar ba. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa littafinsa a 1969, ya bayyana yadda cinikin shanu yake gudana a can. Falke yana isowa daga Arewa da garkensa bai san kowa a cikin mahautan garin ba. Sai ya sauka a gidan wani maigida, wanda zai ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillalansa. Dillalan su sayar wa mahauta shanun bashi, maigida kuma ya lamunce kuɗin: idan mahauci ya gudu ko ya kasa biya, daga aljihun maigida za a biya falke. Polly Hill ta bayyana irin wannan tsari a Kumasi a 1966. A duk wuraren biyu, hajar da maigida yake sayarwa a haƙiƙa ita ce amincinsa, kuma da ita ne mutane biyu da ba su san juna ba suke iya ƙulla ciniki na dukiya mai yawa.

Wannan darasi bai tsufa ba. Mai shago a Kantin Kwari ko a kasuwar Singa da zai ɗauki yaro, dukiyarsa zai danƙa wa wanda bai sani ba. Tambayar da ke ransa ita ce, idan kaya suka yi ƙafa wa zai kama? Takardar shaidar karatu ba ta amsa wannan tambaya. Mutum ne yake amsa ta.

Allon talla: labari ba lamuni

Mu ɗauki misalin wani saurayi daga Malumfashi, mai babbar difloma a fannin akanta, wanda ya gama bautar ƙasa ya taho Kano. Abin da zai fara yi, kamar sauran tsararrakinsa, shi ne duba wayarsa. Zai yi rajista a Jobberman, wanda wasu ɗaliban jami'ar Ife suka kafa a 2009, ya buɗe shafi a LinkedIn, ya shiga zaurukan WhatsApp da ake watsa guraben aiki a cikinsu. Ba a raina amfanin wannan. Ta nan ne yake jin labarin aikin da babu wani nasa da ya taɓa jin ɗuriyarsa, kuma allo ba ya tambayarsa ɗan wane ne shi.

Sai dai allon yana da iyaka guda uku da saurayin zai ci karo da su cikin 'yan makonni. Ta farko, guraben da ake tallatawa na kamfanoni ne da bankuna da ƙungiyoyin agaji, kuma akasarinsu a Legas da Abuja suke. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya suna ɓangaren da ba na hukuma ba ne, wato kasuwa da gona da gareji da shagon tela. Mai shagon atamfa ba ya tallata neman yaro a intanet, haka ma babban dillalin hatsi a Dawanau. Ke nan allon ɗan ɓangare kaɗan na kasuwar aiki yake haskawa, kuma a kan wannan ɗan ɓangaren ne dubban masu takardu suke turereniya.

Iyaka ta biyu ita ce ta fi ɗaukar hankalina. A ce saurayin ya tsallake jarrabawa da ganawa, an ce an ɗauke shi aikin karɓar kuɗi a wani babban kanti ko gidan mai. Kafin ya fara, sai a miƙa masa fom a ce ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, waɗanda ake kira garanto, galibi ma'aikatan gwamnati masu wani matsayi ko masu gida a cikin gari, tare da hotunansu da adireshinsu. A nan ne tsohon tsarin lamuni yake dawowa ta ƙofar baya, sanye da rigar boko. Ɗan gari zai cike fom ɗin a yini ɗaya. Baƙo kuwa yana iya rasa aikin da ya ci jarrabawarsa saboda babu wanda ya san shi sanin da zai sa hannu a kansa.

Iyaka ta uku ita ce damfara. Tun da allo ba ya lamuntar mai nema, haka nan ba kullum yake lamuntar mai tallar ba. Alamominta sanannu ne: a nemi kuɗin fom ko na gwajin lafiya ko na horo kafin a fara aiki, ko saƙo ya shigo ana gayyatar mutum ganawa a kan aikin da bai nema ba, ko a ɓoye sunan kamfanin da irin aikin sai an zo. Da yawa daga masu amsa irin wannan gayyata sukan tarar da ɗaki cike da mutane ana yi musu huɗubar sayar da maganin ƙarin lafiya, da sharaɗin kowa ya fara sayen kaya da kuɗinsa. Ɗan gari yana da wanda zai tambaya ko an san wurin. Baƙo sai ya je ya gane wa idonsa, bayan ya ƙone kuɗin mota da ba shi da su.

Sanayya: wadda ke ba da masauki da wadda ke buɗe ƙofa

Idan guzuri ya fara ƙarewa, saurayin zai koma ga 'yan garinsu, waɗanda dama a ɗakinsu ya sauka. Waɗannan su ne suke da lamunin da allo ba shi da shi. Sun san mahaifinsa, sun san ƙofar gidansu, kuma idan ya ci amana sun san inda za a kai ƙara. Ɗaya daga cikinsu yana iya kai shi wurin mai a-daidaita-sahu ya ce a ba shi tuƙi a wuyansa, ya riƙa kawo balas kullum. Wannan taimako ne na gaske, shi ne kuma yake riƙe da dubban 'yan ci-rani.

Amma akwai rufi a kansa. Mutanen gari ɗaya sukan taru a sana'a ɗaya, domin kowa ta hannun wanda ya riga shi zuwa ya shigo. Idan 'yan garinsu dako suke yi ko gadi ko ga-ruwa, to ƙofofin da za su iya buɗe masa ke nan, ko da kuwa ya ƙware a lissafin kuɗi. Mark Granovetter, a maƙalarsa ta 1973 da littafinsa na 1974, ya nuna daga binciken da ya yi a wani gari kusa da Boston cewa fiye da rabin ma'aikatan da ya tambaya ta hannun mutane suka samu aiki, kuma akasarin mutanen nan ba aminansu ba ne, waɗanda suke gani jefi-jefi ne. Dalili kuwa shi ne amininka abin da ka sani shi ya sani, yayin da wanda kuke gaisawa daga nesa yake yawo a inda ba ka zuwa.

Wannan ra'i yana aiki a Kano, amma da gyara. Tsohon ɗan ajinsu da suka haɗu a masallacin Juma'a yana iya gaya masa cewa wani attajiri a Kwari yana neman mai riƙe masa littafi. Labari ke nan mai daraja, wanda 'yan ɗakinsu ba za su taɓa ji ba. Sai dai ɗan ajin ba zai ɗora wuyansa a kan dukiyar attajirin ba saboda mutumin da rabonsa da shi shekara biyar. Saboda haka baƙon yana bukatar haɗa igiya biyu: na nesa ya kawo labari, na kusa ya kawo lamuni. Abin da masu dabara suke yi shi ne su nemi wani dattijo daga garinsu wanda yake da suna a kasuwar, ko da ba a layin atamfa yake ba, ya raka su. Zuwan dattijon da ƙafarsa, da cewar da zai yi ga yaronmu nan, na san gidansu, ya fi kowace takarda.

A nan ya kamata a rarrabe abu biyu da bakin jama'a yake cuɗawa a ƙarƙashin kalmar hanya. Akwai lamuni, akwai alfarma. Ma'aunin da zai raba su tambaya ɗaya ce: idan wanda aka kawo ya gaza, wa zai ɗauki asarar? Dattijon da ya kai yaro shago ya jinginar da mutuncinsa, wani lokaci har da dukiyarsa, don haka ba zai kai wanda bai yarda da shi ba. Wanda kuwa ya rubuta 'yar takarda aka ɗauki ɗan uwansa aikin gwamnati bai jinginar da komai ba, asarar a kan jama'a take sauka. Na farko hanyar tantance mutane ce a inda babu wata, na biyu cin haƙƙin wanda ya cancanta ne. Idan muka la'anci duka biyun da suna ɗaya, mun kunyata matashi a kan neman abin da babu aibu a cikinsa, mun kuma ba mai alfarma mafaka a bayan al'ada.

Wajibi ne kuma a faɗi wanda wannan tsari yake bari a baya. Wuraren da ake ƙulla sanayya, wato sahun salla a masallacin kasuwa da majalisar yamma da teburin mai shayi, na maza ne. Budurwar da ta zo birni da takardunta ta fi dogara da allon talla, don haka fom ɗin garanto ya fi yi mata tsauri. Wadda ba ta da takarda kuwa sau da yawa ta hannun dillaliya take shiga aikatau, inda mai lamunin ita ce kuma mai karɓar albashin, wato babu mai tsaya mata a kan mai tsaya matan.

Yarantaka: sayen amana da shekaru

A ce attajirin ya karɓi saurayin. Ba littafi za a fara ba shi ba, duk da diflomarsa. Zai fara ne da abin da kowane yaron shago yake farawa: sammakon buɗe shago da shara, ɗauko kaya daga sito, tarbar mai saye da shimfiɗa masa turmi. Cikin watannin farko zai koyi bambanta atamfa da shadda da leshi daraja-daraja, ya san wanda ake yi wa ragi da wanda ba a ba bashi. Abin da yake samu shi ne kuɗin abinci da na mota, da ɗan abin da ya ɗora a kan farashin da maigida ya yanke idan an yarje masa.

Wanda ya kalli wannan da idon albashi zai ce bauta ce, musamman idan ya gwada shi da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Amma abin da ake ciniki a kansa daban ne. Yaron yana ba da ƙarfinsa da arha, maigida kuma yana ba shi abin da baƙo ba ya zuwa da shi, wato tarihi a cikin kasuwa. Ana gane ci gabansa da matakai huɗu da duk ɗan kasuwa ya sani. Na farko a aike shi karɓo bashi ko kai kuɗi banki. Na biyu a bar masa mabuɗi idan maigida ya yi tafiya. Na uku a sanar da shi farashin sari, wanda shi ne sirrin shago. Na huɗu maigida ya gabatar da shi ga waɗanda yake sarin kaya a wurinsu. Da ya kai mataki na huɗu, ya zama wanda za a iya ba kaya bashi da sunansa, kuma wannan shi ne jarin gaske. Yaron da ya shekara uku bai san nawa ake saro turmin da yake sayarwa ba, ya kamata ya gane cewa ɗan aike aka ɗauke shi, ba magaji ba.

Raunin tsarin yana ƙarshensa. A al'adar kasuwannin Hausa, maigidan kirki yakan yi wa yaronsa aure, ya ba shi kaya ko jari, ya kama masa teburi ko shago. Mutane da yawa ta haka suka tashi. Amma ba a cika yanke wa'adi tun farko ba, ba a kuma cika faɗin abin da za a sallame shi da shi ba, domin ana ganin tambayar rashin kunya ce ga yaro. Komai ya rataya a kan halin maigida da tsawon ransa. Idan ya rasu kafin ya sallami yaron, dukiyar ta zama ta magada. Yaron ba ya cikin masu gado, ba shi kuma da shaidar bashi da za a fitar masa kafin rabo. Shekara takwas ko goma tana iya tashi a banza a ranar da aka rufe shago don ƙidaya kaya. Haka abin yake idan gobara ta ci shagon, kamar wadda ta auka wa kasuwar Sabon Gari a 2016, ko idan maigida ya ga yaron ya yi masa amfanin da ba ya son rabuwa da shi.

Maƙwabtanmu Ibo a kasuwar Sabon Gari suna da irin wannan tsari, amma su sukan yanke shekarun tun farko a gaban dangin ɓangarori biyu, kuma kowa ya san cewa a ƙarshe akwai jarin sallama. Ba a rasa saɓa alkawari a wurinsu, amma aƙalla akwai alkawarin da za a ce an saɓa.

Abin da nake ganin ya dace

Shawarata ita ce a rubuta yarjejeniyar yarantaka a gaban shaidu biyu da shugabannin layin kasuwa, kuma ta ƙunshi abu biyar: shekarun da za a yi, abin da za a koya wa yaro, abin da zai riƙa samu na yau da kullum, irin sallamar da za a yi masa, da abin da zai zama haƙƙinsa idan maigida ya rasu ko kasuwa ta karye kafin wa'adi.

Za a ce rubutu yana ɓata amana, yana mai da alaƙar uba da ɗa ta koma ta ɗan ƙwadago. Wannan hujja tana da ƙarfi, domin kyautatawar da maigida yake yi, irin su ɗaukar nauyin aure da jinya, ta wuce abin da takarda za ta iya tilastawa. Amma takardar ƙasa take shimfiɗawa, ba ta hana mai alheri ƙarawa. Sannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi mai wa'adi tare da kafa shaidu. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano ya sharɗanta sanin lada da sanin wa'adi ko aiki a ijara. Ya kuma tanadi ƙiradi, inda wani yake ba da jari na kuɗi wani ya juya, a raba riba bisa kason da aka ambata tun farko. Idan maigida ya ba yaronsa naira miliyan 2 a kan rabi da rabi, aka samu ribar naira 400,000, kowa ya ɗauki 200,000, uwar kuɗi ta koma ga mai ita. Idan kuwa aka faɗi ba tare da sakaci ba, asarar kuɗin ta mai jari ce, yaro ya yi asarar wahalarsa. Wannan kyakkyawan tsani ne tsakanin yarantaka da cin gashin kai. Ita ma Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ce yarjejeniyar koyon sana'a ta kasance a rubuce, kada kuma ta wuce shekara biyar, sai dai da wuya a samu shagon da ya san da zamanta. Dokar da ƙungiyar 'yan kasuwa ta ɗauka tata ce za ta yi aiki, domin a kasuwa tsoron zubewar suna ya fi tsoron kotu.

Akwai kuma riba ta biyu. Yaron da ya kammala wa'adinsa ya karɓi takardar sallama mai sa hannun maigida da na shugabannin layi yana da lamunin da zai iya ɗauka zuwa Kaduna ko Maraɗi ko Agege. Ya daina zama baƙon da babu mai shaidarsa.

Kammalawa

Ga manazarta Hausa akwai aiki a nan da bai kamata a bar wa masana tattalin arziki su kaɗai ba. Kalmomin maigida da yaro da bara da dillali da la'ada da kamasho da sallama da garanto suna ɗauke da sharuɗɗan yarjejeniyoyin da ba a rubuta ba, kuma ma'anarsu tana sauyawa daga Kwari zuwa Dawanau, daga garejin makanike zuwa shagon gyaran waya. Wanda ya zauna ya tattara abin da kowace take wajabtawa a bakin maigida da kuma a bakin yaro, ya gwada su, zai gano daidai inda fahimtar ɓangarorin biyu take rabuwa, kuma a nan ne rigima take tsirowa bayan shekaru. Daga irin wannan nazari ne za a iya tsara takardar yarjejeniya da Hausar da ɗan kasuwa zai karanta ya ce tasa ce, ya sa mata hannu ba tare da jin an tuhume shi ba.